Yadda za ka lissafa gawayin da gonarka ke buƙata a kowace hekta

Tun da manoma suka fara ƙona ɓuntun shinkafa da totuwar masara suna yin gawayin gona, wanda malaman gona ke kira bayoca, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: buhu nawa zan zuba a hekta? Wani ya ji an ce tan 10, wani tan 20, wani kuma an ce masa ya watsa buhu biyar ya isa. Babu ɗayan waɗannan da za a ɗauka a tafi da shi gona ido rufe. Adadin yana fitowa ne daga abubuwa uku: tsamin ƙasarka, ƙarfin gawayin da ke hannunka, da kuɗin da za ka iya fitarwa ba tare da ka taɓa kuɗin taki ba. A nan za mu ɗauki misalin gonar masara hekta ɗaya, jigawa mai yashi, mu bi lissafin daga farko har zuwa bokitin da za a riƙa zubawa a kan kunya. Alƙaluman gonar da farashin duk na misali ne. Kai za ka sa naka a gurbinsu.

Kayan da za ka tanada: fartanya ko shebur, bokitin fenti mai cin lita 20, sikelin rataye, ƙaramin sikeli mai auna giram, robobi biyar masu murfi, igiyar awo, ruwan da aka tace na zubawa a batir, da na'urar auna pH, wato lambar da ke nuna tsamin ƙasa, wadda ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ko takardar gwaji mai sauya launi.

1. Fara da auna tsamin ƙasa

Kada ka sayi ko buhu ɗaya kafin ka yi wannan. Ka zagaya gonar kana tafiya a karkace, ka ɗebi ƙasa a wurare 15 zuwa 20, daga sama zuwa zurfin santimita 15. Ka haɗa a bokiti mai tsabta, ka gauraya sosai, ka shanya a inuwa, ka tankaɗe. Idan gonar tana da tudu da gangare, ko wani sashe ja ne wani fari, kowane sashe a ɗebi nasa daban.

Gargaɗi: ka kauce wa gindin gawo, da shuri, da inda shanu suka kwana, da inda aka ƙona shara. Ƙasar waɗannan wurare ba ta da tsami kamar sauran gonar, kuma cokali kaɗan daga cikinta zai ɓata maka awon duka.

Abin da ya fi shi ne ka kai rabin kilo ɗakin gwajin ƙasa, irin na sashen kimiyyar ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko Jami'ar Bayero a Kano, ko na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ga manoman can. Ka ce a auna maka pH, a kuma faɗa maka yawan layim, wato garin farar ƙasa na noma, da hekta ɗaya ke buƙata don pH ya kai 6. Idan za ka auna da kanka, ka haɗa awo ɗaya na ƙasa da awo biyu da rabi na tataccen ruwa, ka motsa, ka bari rabin awa, sannan ka auna. Ka tabbata ruwan batir da ka saya tataccen ruwa ne zalla, ba mai asid ba. Na'urar nan mai araha mai tsinke da ake sokawa a ƙasa ba abin dogaro ba ce ga wannan aiki.

Ka duba takardar gwajin da kyau: idan an rubuta an auna da CaCl2, wato ruwan gishirin kalsiyam a maimakon ruwa zalla, lambar takan fito ƙasa da ta ruwa da kusan rabin maki ko ɗan fiye. Duk lambobin da ke nan na awon ruwa ne.

Ga yadda za ka karanta sakamakon. Idan lambar ba ta kai 5.5 ba, tsamin ya kai inda sinadarin alminiyam ke narkewa yana ƙone bakin saiwa, saiwar ta fito gajera mai kauri, shuka ta yi ta yaushi ko da an yi ruwa shekaranjiya. Nan ne gawayi ya fi biyan kuɗinsa. Tsakanin 5.5 da 6.5 masara ba ta da babbar matsala da tsami, don haka in ka zuba gawayi, don riƙe laima da taki ne, kuma kaɗan ya isa. Daga 7 zuwa sama, musamman fadamar rani da ke fitar da farin kanwa-kanwa a sama, ka dakata. Gawayi mai toka zai ƙara ɗaga pH, ganye ya soma rawaya saboda shuka ta kasa jan zinki da ƙarfe.

A gonar misalinmu pH ya fito 5.2, bayan shekaru ana zuba yuriya ba takin gida. Ɗakin gwaji ya ce tan 1 na layim a hekta zai kai ta kusan 6. Wannan adadi ya dace da ƙasa mai yashi. Da laka ce, da sai ta ci ninki biyu ko uku, domin laka tana da taurin kai wajen sauya tsaminta.

2. Gane gawayin da ke hannunka

A nan mutane suka fi yin kuskure. Sai a auna pH na gawayi a ga 9 ko 10, a ɗauka zai kashe tsami kamar layim. Ba haka ba ne. Lambar pH tana nuna zafin abin ne kawai, ba yawan maganin da ke cikinsa ba. Abin da kake nema shi ne lambar da ɗakin gwaji ke rubutawa CCE: cikin kilo 100 na gawayin, kilo nawa ne ke aikin layim.

Gawayin ɓuntun shinkafa yana da toka da yawa, amma yawancinta silika ce, wadda ba ta kashe tsami, shi ya sa CCE nasa kan tsaya a 'yan kaso kaɗan cikin ɗari. Na totuwar masara shi ma ba shi da yawa. Na ɓawon gyaɗa da karan waken soya yakan ɗara su. Na kashin kaji ya fi su duka, yana iya wuce kashi 15 ko 20, sai dai yana da gishiri, ba a zuba shi da yawa kusa da iri. Gawayin da aka ƙona da wuta mai ƙarfi ya fi wanda aka turara a hankali ƙarfin kashe tsami. Haka kuma idan an kashe wutar da ruwa mai yawa har ya malale, wani sashe na tokar ya bi ruwan ya tafi.

Kafin ka biya kuɗin gwaji, ka duba ingancinsa da hannu. Gawayi mai kyau ba shi da warin hayaƙi, baƙi ne har ciki idan ka karya, yana karyewa ƙaras, kuma baƙin da ya shafa a hannu yana fita da ruwa kawai. Idan sai da sabulu yake fita, ko tsakiyarsa ruwan ƙasa ce, bai gama ƙonewa ba, kuma irin wannan yana iya hana iri tsirowa. Gwada shi abu ne mai sauƙi: kwano biyu, ɗaya ƙasa zalla, ɗaya ƙasa da gawayi, ƙwayar masara 20 a kowanne, ka ƙirga tsiro bayan mako guda.

Sai abubuwa biyu da za ka auna da kanka.

Na farko, laima. Ka auna kilo 1, ka baza a faranti a rana, kana sake aunawa kullum har nauyin ya daina raguwa. Idan ya tsaya a giram 700, to kashi 30 ruwa ne. Gawayin da aka kashe da ruwa yana iya ɗaukar ruwa ya kai rabin nauyinsa alhali a ido kamar busasshe.

Na biyu, nauyin bokiti. Ka daka busasshen gawayin ya koma kamar tsakin masara, ka cika bokitin lita 20, ka girgiza sau ɗaya, ka share baki, ka auna. A misalinmu ya fito kilo 4. Buhun masara babba ya ci bokiti shida, wato kilo 24 na busasshen gawayi. Mu ce CCE ya fito kashi 8, gawayin cakuɗen totuwa da ɓawon gyaɗa ne.

Gargaɗi: idan saye za ka yi, ka saya da awon bokiti ko buhu, kada ka saya da kilo. Ruwa yana ƙara nauyi, ba ya ƙara cika. Wanda ya saya da kilo daga gawayi mai laima kashi 30, kusan naira ɗaya cikin kowace uku ruwa ya saya.

3. Fitar da adadin da zai gyara hekta gaba ɗaya

Yanzu lissafin ya zo da sauƙi:

```
gawayi busasshe (tan/hekta) = layim (tan/hekta) ÷ (CCE ÷ 100)
1 ÷ 0.08 = 12.5
```

Wato tan 12.5 na busasshen gawayi, in za a watsa a ko'ina a gauraya da ƙasa zurfin santimita 15. Buhu fiye da 500 ke nan. Kada wannan ya tsorata ka, ba shi za mu zuba ba. Shi ne tushen da sauran lissafin zai hau. Amma ka tsaya ka kalli abin da ya nuna: aikin da tan 1 na layim zai yi, sai tan 12.5 na gawayi ya yi shi. Idan tsami ne kaɗai ciwon gonarka, layim ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya ce maka ba haka ba bai yi maka adalci ba. Fifikon gawayi a jigawa shi ne yana zama a ƙasa shekaru da yawa, yana riƙe laima, yana rage zurarewar taki idan an yi ruwa mai ƙarfi, yana kuma kawo ɗan fotash daga tokarsa.

4. Tabbatar da lissafin a cikin robobi

Wannan mataki na fi so a ba shi lokaci, domin yana aiki ko ba ka da takardar ɗakin gwaji, kuma da ƙasarka da gawayinka ake yin sa, ba na wani ba.

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Zurfin santimita 15 na ƙasa mai yashi, wadda cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi yake kai kusan tan 1.5, yana ba da tan 2,250 na ƙasa. Saboda haka giram 1 na gawayi a kilo 1 na ƙasa daidai yake da tan 2.25 a hekta.

Ka zuba kilo ɗaya-ɗaya na ƙasar da ka tankaɗe a robobi biyar. Ta farko ba a sa komai. Sauran a sa giram 2, 4, 6 da 8 na busasshen garin gawayi, waɗanda suke daidai da tan 4.5, 9, 13.5 da 18 a hekta. Idan sikelinka ba ya kama ƙananan giram da kyau, ka yi da kilo biyar-biyar, ka ninka gawayin sau biyar. Ka gauraya, ka jiƙa da tataccen ruwa yadda in ka dunƙula ƙasar za ta haɗu amma ruwa ba zai ɗiga ba. Ka rufe sama-sama, ka ajiye a inuwa mako biyu zuwa uku, kana yayyafa ruwa in ta bushe. Sannan ka auna pH na kowace roba kamar yadda aka yi a mataki na farko.

A misalinmu lambobin sun fito 5.2, 5.4, 5.7, 5.9 da 6.1. Robar giram 6 ce ta kai mu inda muke so, wato tan 13.5, kusa da 12.5 da lissafi ya bayar. Za mu ci gaba da 12.5. Idan robobi da takarda suka saɓa sosai, ka bi robobi. Idan kuwa har robar giram 8 ba ta motsa da fiye da maki 0.2 ba, gawayinka ba na gyaran tsami ba ne. Abin da aka saba gani ke nan da na ɓuntu zalla. Ka nemi layim don tsamin, ka bar gawayin ga aikin laima.

Gargaɗi: kada ka yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse a wannan gwaji. Da yawansu suna ɗauke da abin da zai ɗaga pH da kansa, har robar da ba a sa wa komai ba ta nuna ta gyaru. Kuma kada ka nemi kai ƙasar 7. Daga 5.8 zuwa 6 alminiyam ya kwanta. Duk abin da ka ƙara bayan nan asarar kuɗi ce.

5. Rage adadin ta hanyar zubawa inda saiwa take

Ba duk faɗin gonar ne ƙaramar masara ke ci ba a makonnin farko, lokacin da tsami ya fi cutar da ita. Idan tazarar kunya santimita 75 ce, ka zuba gawayin a layi mai faɗin santimita 20 a inda za a shuka, to kashi 20 cikin 75 na filin kake gyarawa.

```
12.5 × (20 ÷ 75) = 3.33 tan/hekta
```

Daga buhu fiye da 500 mun sauko zuwa kusan 139, kuma ƙarfin gawayin a kusa da saiwa bai ragu ko kaɗan ba. An gwada irin wannan dabara a Zambiya, inda aka zuba tan 4 na gawayin totuwa a hekta cikin ramukan shuka tare da taki. A Kaoma, inda ƙasar yashi ce mai tsami, masara ta ninka fiye da sau uku. A wasu gonakin gwajin da ƙasarsu ta fi kyau, bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya sa aka fara da auna ƙasa ke nan.

Yanzu a mayar da shi abin da ma'aikaci zai gane ba tare da sikeli ba. Hekta mai tazarar santimita 75 tana da tsawon kunya mita 13,333 in aka jera su. Kilo 3,333 a raba da wannan, giram 250 ke nan a kowace mita. Bokitinmu yana cin kilo 4, don haka bokiti ɗaya zai yi mita 16. Ka yanki igiya mai tsawon mita 16, ka ɗaura turke a kowane baki. Mai zubawa ya kafa turke, ya ja igiya, ya tabbata bokitin ya ƙare daidai ƙarshen igiyar. Bayan kunya biyu ko uku hannunsa zai saba.

Mai noman gero da ke shuka rami-rami a tazarar mita ɗaya, ko mai haƙa tassa kamar yadda ake yi a yankin Tawa, nasa ya fi sauƙi. Ramuka 10,000 ne a hekta, don haka giram 100 a rami shi ne tan 1 a hekta. A rami mai faɗin santimita 25, giram 60 zuwa 100 na irin wannan gawayi ya riga ya kai ƙarfin da muka lissafa.

Gargaɗi: ka tuna da huɗa. Idan al'adarka ce ka fasa tsohuwar kunya kowace shekara ka tayar da sabuwa a kwarin, gawayin zai watsu ya rabu gida biyu, ƙarfinsa a layin shuka ya ragu. Bai ɓace ba, yana nan a gonar, amma a shekara ta biyu kada ka zaci aikinsa zai yi kamar na farko. Ko dai ka bar kunyar a inda take kana gyara ta kawai, ko ka shirya sake zubawa a sabon layi, a hankali har gonar ta cika cikin shekaru uku ko huɗu.

6. Auna shi da aljihu

Ka lissafa abin da buhu ɗaya zai ci har ya iso bakin gona: kuɗin ɓuntu ko totuwa, dako, ladan masu ƙonawa, daka, buhunan zubawa. Ko kai ka ƙona da kanka, ka sa wa wahalarka farashi. Kuma ka san yawan kayan ƙonawar: a ramin ƙasa ko ganga, busasshen kaya kilo 100 kan ba da gawayi kilo 20, wani lokaci 25. Tan 3.33 na gawayi zai ci kusan tan 16 na kaya. Totuwar da hekta ɗaya ke bayarwa ba ta fi rabin tan ba a yawancin gonakinmu, wato gawayi buhu huɗu ko biyar. Don haka wanda ba ya kusa da injin casar shinkafa ko na ɓarar gyaɗa, kayan ƙonawa ne za su iyakance shi tun kafin kuɗi. Ba na ba da shawarar a ƙona karan dawa da harawa da dabbobi ke jira, balle a sare itace.

Mu ce buhu ya tsaya naira 2,500. Buhu 139 zai ci naira 347,500. Manominmu, bayan ya ware kuɗin iri da taki da noma, naira 150,000 ce ta rage masa. Buhu 60 ke nan, kilo 1,440.

Hanyoyi uku ne a gabansa. Ta farko, ya watsa buhu 60 a faɗin hektar duka. Wannan ita ce mafi muni, kuma ita aka fi yi. Kilo 1,440 a cikin tan 2,250 na ƙasa bai kai ko giram ɗaya a kilo ba, ƙasa da rabin abin da ke cikin robarmu ta biyu, wadda da ƙyar ta motsa. Zai gama kaka bai ga komai ba, ya ce gawayi ƙarya ne.

Ta biyu, ya zuba da cikakken ƙarfi, bokiti a mita 16, a sashen gonar da gawayin zai isa. Kilo 1,440 a raba da 3,333 ya ba da 0.43, wato ɗan ƙasa da rabin hekta, eka ɗaya da ɗoriya. Ya fara da sashen da ya fi tsami, baɗi ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ta uku, ya rarraba gawayin a layin shuka na hektar duka, ya cike giɓin da layim. Layukan shuka na hekta suna buƙatar kilo 267 na aikin layim, wato tan 1 sau 20 bisa 75. Gawayinsa yana ɗauke da kashi 8 na 1,440, kilo 115. Saura kilo 152, kusan buhu uku na layim mai kilo 50. Idan ya rage buhunan gawayi kaɗan ya sayi layim ɗin, ya gyara tsamin layin shuka a gonar duka a shekara ɗaya, bokiti ɗaya na gawayi yana yin kusan mita 37.

A gona mai pH 5.2, inda layim ke samuwa, ni ta uku zan zaɓa, domin tsamin ne ke cin amfanin takin da ake saya da tsada, kuma yana ci a ko'ina cikin gonar. Inda layim ba ya samuwa, ko inda ƙishin ruwa ya fi tsami damun gonar, ta biyu ta fi. Tokar murhu ma tana kashe tsami, ta fi gawayi ƙarfi sau da yawa, sai dai ƙarfinta ya bambanta daga gida zuwa gida. In za ka yi da ita, ka sa ta a gwajin robobi tukuna.

Kafin ka fitar da kuɗin, yi wannan tambaya: buhu nawa na ƙarin masara zai mayar da shi? Ka raba kuɗin a shekaru uku, kada ka wuce haka ko da gawayin zai daɗe fiye. Naira 150,000 a shekaru uku, 50,000 ce a shekara. Idan buhun masara a kaka naira 40,000 ne, ƙarin buhu ɗaya da kwata a shekara ya biya. A jigawa mai tsami wannan abu ne mai yiwuwa. A ƙasa mai pH 6.3 da ke samun takin gida, ba zan sa kuɗina a kai ba sai na gwada a ƙaramin fili.

Gargaɗi: kada a rage yuriya ko NPK don a sayi gawayi. Naitirojin da ke cikin gawayi kaɗan ne, kuma shuka ba ta samun sa da sauƙi. Gawayi rumbu ne, ba hatsi ba. In ba a zuba masa komai ba, ba abin da zai bayar.

7. Jiƙa shi da taki kafin ya shiga gona

Sabon gawayi da aka zuba haka nan yana iya janye naitirojin daga ƙasa a makonnin farko, masara ta fito rawaya-rawaya. Maganinsa a gauraya shi da ruɓaɓɓen takin dabbobi ko na kaji, bokiti da bokiti, a jiƙa, a rufe da buhuna a inuwa mako biyu zuwa huɗu, ana juyawa sau ɗaya a mako. Wasu suna shimfiɗa shi a turken awaki ko garken shanu ya sha fitsari, su kwashe tare da taki; wannan ma yana yi, sai dai ka ƙirga bokitan da ka shimfiɗa tun farko.

A nan awo yakan rikice. Da zarar an cakuɗa rabi da rabi, bokiti ɗaya na cakuɗen rabin bokitin gawayi ne kawai. Igiyar mita 16 za ta ci bokiti biyu ke nan, ba ɗaya ba.

Ka zuba bayan ruwan farko, lokacin da ƙasa ke da laima, mako ɗaya ko biyu kafin shuka. A buɗe layi, a zuba, a gauraya da fartanya zuwa zurfin santimita 10 zuwa 15, a rufe. Busasshen garin gawayi da aka bari a sama iska ce za ta kwashe shi, abin da ya rage ruwan sama ya tafi da shi, domin yana yawo a kan ruwa. Masu daka da masu zubawa su rufe hanci da baki, a kuma yayyafa masa ruwa kafin daka.

Gargaɗi: kada a cakuɗa yuriya da gawayi mai toka ko da layim a bar su a sarari. Naitirojin zai tashi iska, har za ka ji warinsa yana yaji a hanci. A binne yuriya daban a lokacinta. Haka kuma gawayi yana tsotse maganin ciyawa da ake fesawa bayan shuka, irin su atirazin, don haka wanda aka bari a sama zai rage masa ƙarfi a kan layin.

8. Bar kunyoyin shaida

A tsakiyar gonar, ba a gefe ba, ka bar kunya huɗu masu tsawon mita 16 da za su samu takin dabbobin da takin zamanin daidai da sauran, amma ba gawayi. Ka yi haka a wurare biyu ko uku, ka kafa turaku. Wannan sharaɗi na takin dabbobi shi ne ginshiƙin gwajin: idan ka hana kunyoyin shaida takin da aka jiƙa gawayin da shi, bambancin da za ka gani na takin ne, ka ɗora wa gawayi.

A mako na huɗu ka tuge shuka biyu daga kowane ɓangare ka wanke saiwar ka gwada tsawo da yawan gashinta. Idan ruwa ya ɗauke kwana goma, ka shiga gonar da azahar ka duba ɓangaren da ganyensa ya fara naɗewa. A kaka ka girbe kunyoyi biyu na tsakiya daga kowane ɓangare daban, ka shanya, ka ɓare, ka auna. Kunya biyu masu mita 16 murabba'in mita 24 ne, don haka bambancin kilo 1 a nan daidai yake da kusan kilo 417 a hekta, wato buhu huɗu. Ka ɗauki matsakaicin wuraren biyu ko ukun, domin wuri ɗaya yana iya ruɗin ka. Sannan ka sake ɗiban ƙasa daga layin shuka ka auna pH. Idan ya kai 5.8, baɗi ka kai gawayin sabon layi ko sabon sashe. Idan ya tsaya a 5.5 ko ƙasa, ka sake gwajin robobi da ƙasar layin kafin ka sayi wani buhu.